Na miƙa takardar farashi, mai makaranta ya yi shiru: wace wasiƙa zan rubuta masa?

Assalamu alaikum. Ina sana'ar haɗa sola a Kano. Wata makaranta mai zaman kanta ta nemi in haɗa wa ɗakin kwamfutocinta inbata mai ƙarfin 5kVA da batir da farantai. Na je na auna wurin, na miƙa takardar bayanin aiki da farashi ta hannun shugaban makarantar, mai makarantar ma ya yaba a gabana. Yau kusan mako uku ke nan babu amsa, saƙon gaisuwar da na tura ta WhatsApp an karanta amma ba a ce komai ba. Ina neman shawarar yadda zan rubuta wasiƙar tuni da ladabi, ba tare da na zama mai naci ba.

Wani ɗan kwangila da ya daɗe a harkar kayan lantarki:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Saƙon gaisuwa ba ya tilasta wa kowa amsa, domin ba ka tambayi komai a cikinsa ba, kuma mutumin da bai yanke shawara ba yakan ji nauyin amsa gaisuwar wanda ya san abin da yake jira. Wasiƙar da za ka rubuta tana bukatar dalilin zuwanta a yanzu, sannan ta ƙare da tambaya guda wadda za a iya amsawa da kalma ɗaya ko biyu.

Dalilin kuwa yana hannunka. Yawancin kayan sola daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 ba kowane dila ba ne yake yarda ya riƙe maka farashi na tsawon lokaci. Idan takardarka ta farko ba ta faɗi ranar da farashin zai daina aiki ba, wannan wasiƙa ce za ta faɗa. Amma ka fara tambayar dilanka har zuwa yaushe zai iya tsaya maka a kan farashin batir, domin shi ne ya fi cin kuɗi a irin wannan aiki, sannan ka rubuta ranar da ya ba ka. Kada ka ƙirƙiri wa'adin ƙarya don ka tsorata su; idan ranar ta wuce suka dawo ka karɓa a tsohon farashi, ba za su sake ɗaukar maganarka da muhimmanci ba.

Bayan sallama da gaisuwa ta jimla ɗaya, ga yadda zan rubuta idan ni ne:

"Ranka ya daɗe, ina tuni ne game da takardar aikin sola na ɗakin kwamfuta da na miƙa ta hannun shugaban makaranta, na kuma haɗo kwafinta da wannan wasiƙa don kada a sha wahalar nemanta. Dilan da nake karɓar kaya a wurinsa ya tabbatar mini cewa farashin da ke ciki zai tsaya har ƙarshen wannan wata, bayan haka sai an sake lissafi. Idan akwai abin da ake son a rage ko a ƙara bayani a kai, zan iya zuwa ranar Talata ko Alhamis bayan an tashi daga makaranta, kuma minti goma sha biyar sun isa. Idan kuma an ɗage aikin zuwa wani zango, ko an ba wani, don Allah a sanar da ni, ba zan ji komai ba. Wace rana ce ta fi dacewa a cikin biyun?"

Jimlar da ta ba su damar cewa a'a ita ce mutane suke tsoron sakawa, alhali ita ce take kawo amsa. A wurinmu babba ba ya son ya dubi wanda ya yi masa wahalar awo da lissafi ya ce ba zai yi ba, sai ya zaɓi shiru. Idan ka sauƙaƙa masa faɗin hakan, ko dai ya faɗa ka huta, ko ya fito da ainihin abin da ya tsayar da shi. Ka buga wasiƙar a takarda mai ɗauke da sunan kamfaninka, ka kai da hannu, sannan ka tura hotonta ta waya. Idan mako guda ya wuce ka kira sau ɗaya, idan ranar wa'adin ta zo ka aika gajeren saƙo cewa farashin ya ƙare amma ƙofa a buɗe take, daga nan ka dakata.

Wani mai sayar da kayan gini:

Ni a ganina shirun nan kuɗi ne ya yi musu yawa. Ka rage kashi goma cikin ɗari ka rubuta a wasiƙar, za ka ga sun kira ka a ranar.

Wata akanta da ta yi aiki a makarantar kuɗi:

Alhaji, zai yiwu kuɗi ne, amma rage farashi kafin a nemi ragi yana nuna cewa na farkon an cika shi, kuma daga sabon farashin da aka rage ne za a fara ciniki. Malam mai tambaya, ka duba lokacin da ka miƙa takardar. Makaranta tana samun kuɗi ne a makonnin farko na zango, wato wajen Satumba da Janairu da bayan hutun Afrilu, daga tsakiyar zango kuwa albashin malamai ne yake cinye abin da ya saura. Idan a tsakiyar zango muke, zai fi amfani ka ba su zaɓin raba biya: kafin alƙalami da zai ishe ka sayen kaya, sauran kuma idan ɗalibai sun dawo. Haka nan ka bincika ko takardar ta wuce teburin shugaban makaranta, domin sau da yawa ba shi ne yake sa hannu a fitar da kuɗi ba. Ka rubuta wasiƙar da sunan mai makarantar, ka ba shugaban kwafi don kada ya ga an tsallake shi.

Wani matashi mai gyaran janareta:

Yayana, idan sun ƙi biyanka ka kai maganar wurin mai unguwa, haƙƙinka ne.

Ɗan kwangilar ya ƙara da cewa:

Ba bashi yake bi ba, ko aikin ba a fara ba, saboda haka babu abin da za a kai gaban kowa.

Wani mai haɗa sola daga Zariya:

Abin da ya same ni ya sa nake shakkar ko wasiƙa za ta yi wani tasiri. Na taɓa rubuta wa wani asibiti komai dalla-dalla, har samfurin inbata da kaurin waya da yawan farantai, suka ɗauki takardar suka ba wani ya yi musu a ƙasa da farashina, ni kuwa ina ta aika tuni. Alamar da na lura da ita daga baya ita ce, kafin su yi shiru sun yi ta tambayata sunayen kaya da inda ake sayensu, ba su taɓa tambayar garanti ko ranar kammalawa ba. Idan irin tambayoyin da aka yi maka ke nan, ka aika wasiƙa ɗaya kawai, kuma kada ka sake haɗa jerin kayan a ciki.

Akantar ta amsa masa:

Malam, kwafin da babu jerin kaya zai sa mai makarantar ya kasa kwatanta shi da na wasu, kuma ai na farkon yana hannunsu tuni. Ni dai zan bar shi ya haɗa, sai dai ya ƙara layi ɗaya a kan garantin batir da wanda zai zo gyara idan wani abu ya lalace, tunda a nan ne mai araha yakan gaza.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai. Tambayar da mai makarantar ya yi mini a kan garanti ce, kuma a tsakiyar zango na miƙa takardar. Gobe zan je wurin dila in ji ranar da zai tsaya mini, sannan in rubuta da zaɓin raba biya. Abin da ban yanke ba shi ne ko in faɗi adadin kafin alƙalamin a cikin wasiƙar, ko in bari sai mun zauna.