Rubutun waiwaye bayan aikin dokumentari na rukuni: me ya kamata ya shiga ciki?

Ɗalibar Aji Uku:
Assalamu alaikum. Mu biyar muka haɗa dokumentari na minti 10 a kan masu rini na Kano. Yanzu an ce kowa ya kawo nasa rubutun waiwaye, kalma 1,500, ya auna yadda muka yi aiki tare da zaɓin da muka yi wajen ɗauka da tacewa. Abu biyu suka tsaye mini. Hirar da muka yi da dattijon marinar ta lalace da ƙarar masu bugu da ta babura, dole muka rufe ta da muryar mai sharhi. Sannan mutum ɗaya cikinmu sau ɗaya ya zo ɗauka cikin fita uku. Waɗanda suka taɓa yin irin wannan, yaya kuka bi da su?

Mai Tace Hoto:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kuskuren da na fi gani shi ne a mai da rubutun labarin tafiya: ran Litinin muka haɗu, ran Laraba muka fita. Malaminku ya riga ya kalli fim ɗin, ba ya bukatar wannan. Ki zaɓi mararraba uku kawai, wato wuraren da hanya ta rabu biyu kuka ɗauki ɗaya, ki ba kowace kalma 350 zuwa 400. Sauran ya ishe ki buɗewa da rufewa.

Hirar nan ita ce mararrabarki ta farko, kuma ba a ɗakin tacewa ta fara ba. Ki koma ranar ɗauka. Ina aka zaunar da dattijon? Ina jin a bakin rijiyar rini ne, saboda hoton ya fi kyau, ga shuɗin baba a hannunsa, ga zane a shanye bayansa. To nan aka sayi hoto da sauti. Ki rubuta haka ƙarara. Sai ki faɗi nisan makirfo da bakinsa: na liƙawa a riga kamar taƙi ɗaya yake zama daga baki, na saman kyamara kuwa yana iya kai mita biyu, kuma a wannan nisan taɓaryar masu bugu ta fi muryar tsoho ƙarfi. Ƙarar janareto ana iya rage ta wajen tacewa don sauti ɗaya take yi ba canji, amma bugu faɗowa yake a kan kalma ya haɗiye ta. Shi ya sa gyaran ya gagare ku.

Daga nan ki auna abin da muryar mai sharhi ta jawo. Ta ceci bayanin, gaskiya ne, amma mai sana'a ya koma hoto, ɗalibi na yi wa mutane bayanin sana'ar da aka haife shi a cikinta. Ki nuna wurin da lambobi, misali daga 03:10 zuwa 04:40, don mai dubawa ya je ya gani da idonsa.

Ɗan Kyamara:
Ni dai shawarata ku haɗa kuɗi ku sayi makirfon liƙawa, ba shi da tsada yanzu. Ku sa muryar tana kaiwa wajen -12 dB a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma ku naɗi ƙarar wurin zalla ta daƙiƙa 30 kafin ku tashi. Haka muke yi, ba mu taɓa samun matsala ba.

Ɗalibar Aji Uku:
Na gode Yaya, amma an riga an miƙa fim ɗin, rubutun ne ya rage. Kuma makirfon muna da shi. Wanda bai zo ɗin nan ba shi ne mai kula da sauti, kayan ya aiko da su. Mai kyamararmu ce ta liƙa wa dattijon, ba wanda ya sa abin sauraro a kunne. Sai da muka dawo muka gane batirin ya mutu tun minti na huɗu, sauran duk na saman kyamara ne ya ɗauka.

Malama Mai Duba Takardu:
Ashe matsalarki ɗaya ce, ba biyu ba. Na duba irin waɗannan rubuce-rubuce da yawa, kuma inda ɗalibai ke zubar da maki shi ne su ware sakin layi guda su zazzage wa wanda bai zo ba, kamar ana shari'a. Rashin zuwansa jimla ɗaya ta ishe shi: mai sauti bai halarci fita ta biyu ba, ranar da aka yi babbar hira. Tambayar da nake nema ita ce, mutum huɗu suna tsaye a wurin, me ya hana ɗaya ya karɓi aikin sauraro? Yawanci amsar ita ce an raba muƙamai ranar farko, darakta, furodusa, mai kyamara, mai sauti, edita, ba a sa wa kowa mataimaki ba. Edita ma ba shi da aiki ranar ɗauka, shi ya fi dacewa ya riƙe kunnen. Wannan gurbi ne a tsarin rukuni, kuma ke ma kina ciki. Mene ne naki muƙamin? Idan furodusa ce ke, sai ki ce ni ce ban sake raba aiki da safen ba, ba mu ba. Kalmar "mu" tana da daɗin ɓuya.

Ki dogara da abin da ke rubuce: jadawalin fita, saƙonnin rukuninku da kwanan watansu, takardar jerin hotunan da aka ɗauka. Tunani kaɗai bayan wata guda yakan gyara labari ya fifita mai ba da shi.

Abban Sadiƙ:
Mu lokacinmu tsarin Gibbs na 1988 aka ce mu bi, matakai shida, daga abin da ya faru har zuwa abin da za a yi nan gaba. Ki sa kowanne a matsayin kan magana ki cike, shi ke nan. Batun wanda bai zo ba kuwa, ki rufa masa asiri gaba ɗaya. Abokin karatu ne, gobe ma kuna tare.

Malama Mai Duba Takardu:
Tsarin yana da amfani, Malam, amma idan aka shimfiɗa shi a kan aikin gaba ɗaya, matakin farko ke cinye rabin kalmomin, a iso wajen nazari an gaji. Gara ta zagaya shi a kan kowace mararraba ita kaɗai, a taƙaice. Rufa asiri kuma, sunansa za ta iya bari, ta kira shi da muƙaminsa. Amma in ta cire rashin zuwan, me za ta ce ya kashe sautin? Sauran huɗun ma suna rubuta nasu, mai dubawa yana jera su gefe da gefe.

Abban Sadiƙ:
A rukunin mutum biyar muƙami ai suna ne, Malama. Kowa ya san waye mai sauti. Ni har yanzu ina ganin ta fara jin dalilinsa, wataƙila rashin lafiya ce ko hidimar gida.

Mai Tace Hoto:
Wannan kam gaskiya ne, ta tambaye shi kafin ta rubuta. Ƙanwata, akwai abu ɗaya da ban ji kin ambata ba. Kun yi fita ta uku bayan kun san hirar ta lalace. Me ya sa ba ku sake ta ba, da sassafe kafin masu bugu su fara, ko a cikin zaure, ku ɗora muryar a kan hotunan da kuke da su? Ko ku bar muryarsa yadda take, ku rubuta maganarsa a ƙasan allo? In an tattauna aka ƙi, wa ya ƙi, da wane dalili?

Ɗalibar Aji Uku:
Ni ce furodusar. An kawo maganar sake hirar, ni na ce ina jin nauyin komawa wajen dattijo mu ce masa mun ɓata masa awa guda a banza. Rubutu a ƙasan allo kuwa ko tuna shi ba mu yi ba.

Malama Mai Duba Takardu:
To wannan jin nauyin ne mararrabarki ta biyu, ki ba ta kalmominta 400 cif.