Malam ya cika min maƙalata da jan biro, in yi faci ko in sake daga farko?

Ummu_Hani: Salam 'yan uwa. Maƙalar tarihi na rubuta kalma 2000, tambayar ita ce ko ƙawancen manyan ƙasashe ne ya jawo Yaƙin Duniya na Ɗaya. Na samu 44, malam ya ce in gyara in dawo da ita nan da kwana biyar. Na ƙirga tsokacinsa guda 23. Wajen 15 duk na rubutu ne, jimla ta yi tsawo, waƙafi, maimaita kalma. Sau huɗu ya rubuta "ina madogara?", sau uku "to sai me?", a ƙarshe kuma ya ce "labari kika ba ni, ba ki amsa tambaya ba". Wallahi wannan ta ƙarshen ce ta tsaya min a rai don na karanta sosai. In bi su ɗaya bayan ɗaya ne in gyara, ko in zubar in sake sabuwa?

Sadiq99: Ki fara da masu sauƙi, 15 ɗin nan a dare ɗaya kin gama, kinga saura takwas kenan hankalinki ya kwanta.

Malama Binta: Sadiq da ka bar ta. Ƙanwata kar yawan jan biron ya ruɗe ki, ɗayan nan na ƙarshe ya fi sha biyar ɗin nauyi. In kika kwana kina gyara waƙafi a sakin layin da jibi za ki goge fa? Ki samu takarda ki raba gida uku, matsaya, hujja, salo, ki kwashe kowane tsokaci ki sa a gidansa. "To sai me?" ɗin nan gidan matsaya yake, yana nufin kin kawo abu gaskiya ne amma ba ki faɗi me ya tabbatar ba. Turo mana jimlar ƙarshe ta gabatarwarki da ɗaya daga wuraren da ya rubuta hakan.

Ummu_Hani: Gabatarwar ta ƙare da "akwai dalilai da yawa da suka haddasa yaƙin, ciki har da ƙawance, kishin ƙasa da gasar makamai". Shi kuma "to sai me?" na farko yana gefen inda na jero ƙawancen Jamus, Ostiriya-Hangari da Italiya na 1882, na Faransa da Rasha na 1894, da yarjejeniyar Birtaniya da Rasha ta 1907.

Malama Binta: To ga ciwon nan. Jimlar ba wanda zai iya musa ta, kuma abin da ba a iya musawa bai zama matsaya ba. Dubi shekarun da kika jero da kanki, ƙawancen nan sun daɗe a ƙasa, an yi rikicin Bosniya a 1908, an yi na Maroko a 1911, an yi yaƙoƙin Balkan a 1912 da 1913, duk babban yaƙi bai ɓarke ba. Me ya sa sai 1914? Sannan Italiya tana cikin ƙawancen 1882 amma ta ƙi shiga a 1914, da ta tashi shiga a 1915 ma ɗaya ɓangaren ta bi. Daga nan za ki iya cewa ƙawance ya bayyana yadda yaƙin ya faɗaɗa amma bai bayyana yadda aka kunna shi ba, wannan sai an duba shawarar da shugabanni suka yanke a watan Yuli, kamar goyon bayan da Jamus ta ba Ostiriya a farkon watan da wa'adin da aka miƙa wa Sabiya ranar 23. Kinga yanzu jerin shekarunki ya samu aikin yi. Ba dole ki ɗauki wannan matsayar ba, amma dole ki tsaya a wani wuri.

Dan_Asabe: Ni dai ina ba ki shawara kar ki wahalar da kanki. Bara haka aka yi min, tsokaci 31, na bi su kaf ban bar ko ɗaya ba, kwana uku ina barci awa uku uku, har laburare na koma na nemo lambar shafi na kowane littafi. Da aka dawo da ita maki biyu aka ƙara min, biyu! Abin da ya fi ƙona min rai, wurin da ya ce in faɗaɗa na faɗaɗa, sai ga shi ya rubuta "wannan bai da alaƙa da tambaya" a daidai wurin. Na je ofis ya ce shi bai tuna ba. Tun daga ranar na san makin da aka sa maka a zuciya shi za ka samu.

Sadiq99: Kai Dan_Asabe 31? Anya ba biron yake gwadawa a takardarka ba 😂

Hafsat_M: Ni daga 48 na koma 63 fa bayan gyara, don haka ba ko'ina ba ne.

Dan_Asabe: Mu a wajenmu duk wanda ya sake kawowa ba ya wuce makin tsira ko me ya rubuta.

Hafsat_M: To ai ka ga dokar wajenku ce. Ummu ki tambaya kafin ki fara. Abin da ya taimake ni, na rubuta jimla ɗaya tak a gefen kowane sakin layi, me wannan yake tabbatarwa. Uku na kasa rubuta musu komai sai "bayanin abin da ya faru", na cire su, a nan na samu wurin saka hujja ba tare da na wuce adadin kalmomi ba.

Malama Binta: Dan_Asabe abin da ciwo, amma ka lura duk abin da ka lissafa na hujja ne da salo, ba ka ce ka taɓa matsayar ba. "Faɗaɗa" yawanci ƙarin bayanin dalili ake nema, in ka ƙara labari sai ya zama ka fita daga tambaya.

Dan_Asabe: Malama ke mai duba takardu ce dole ki kare 'yan uwanki. Me zai hana a rubuta abin da ake nufi ƙarara?

Abu Yasir: Ai amsar a fili take, kashe Franz Ferdinand, yarima mai jiran gadon Ostiriya-Hangari, a Sarajevo ranar 28 ga Yuni shi ya jawo yaƙin, ki rubuta haka kawai.

Hafsat_M: Ba amsar take nema ba malam, gyara take tambaya. Kuma wata guda cur aka yi tsakanin kisan da shelar yaƙin da Ostiriya ta yi a kan Sabiya ranar 28 ga Yuli, watan nan shi ake so ta yi bayani.

Ummu_Hani: Na raba su yanzu. Wani abu ya ɗaure min kai, ya ja layi a ƙarƙashin "an yanke shawarar shiga yaƙi" ya rubuta "wa?". Na sa shi a salo, ko ba nan ba ne?

Malama Binta: Mayar da shi gidan matsaya. In maganarki a kan shawarar shugabanni ce, "an yanke" ya ɓoye ainihin wanda kike tuhuma. Haka "masana sun ce", wannan na hujja ne, wane masani, a wane shafi? Misali Fritz Fischer ya ɗora wa Jamus kaso mai nauyi na alhakin, wasu sun saɓa masa, ki ambaci suna ki faɗi inda kika tsaya. Ni ina ganin tsarin za ki sake, kayan cikin da yawa za su tsira.

Hafsat_M: Ni kam farin shafi zan buɗe, in tsohuwar tana gabanki hannunki zai dinga komawa kan tsofaffin jimloli.

Dan_Asabe: Ku dai kun yi sa'a kuna iya karanta rubutun malamanku. Namu sai mun taru mu huɗu a kan kalma ɗaya, kuma sai sati shida ake dawo da takarda, lokacin har mun miƙa ta gaba da kuskure iri ɗaya.

Sadiq99: Wallahi wannan gaskiya ne, mu ta zangon farko har yau ba mu gan ta ba.

Ummu_Hani: Malama in na canja matsaya gaba ɗaya, ya kamata in nuna masa kafin in rubuta ko zai ga kamar na dame shi?