Me za mu kira "bariyans" da Hausa?

Ɗalibar Kongo: Salamu alaikum. Ina yi wa ƙannena bitar akanta da Hausa, na maƙale. Kuɗin obahed mun ce "kuɗin ɗawainiya", tsayayye da mai hawa da sauka. To bariyans fa, wato bambancin da ke tsakanin abin da aka tsara da abin da ya faru? "Giɓi" ya yi?

Malam na Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Giɓi ba zai ɗauka ba, 'yata, don wani watan rara ake samu. Ni "tazara" nake cewa. Ɗauki mai ɗinkin takalma a Sabon Gari. Ya tsara ƙafa 1,500 a wata, kowace ƙafa awa 2, awa 3,000 ke nan. Haya da albashin mai gadi, su ne tsayayyen, naira 600,000, wato 200 kan kowace awa. Man janareto da gyaran keke kuma, masu hawa da sauka, ya sa musu 100 a awa. Wata ya ƙare, ƙafa 1,200 aka ɗinka cikin awa 2,600.

A man janareto da gyara ya kashe 286,000, alhali awa 2,600 kamata ya yi su ci 260,000. Wannan 26,000 ita ce tazarar kashe kuɗi. Sannan ƙafa 1,200 awa 2,400 suka cancanta, an zarce da 200, sau 100, 20,000 ke nan.

Ɗalibar Kongo: Ta biyun ita nake kira "tazarar tattali".

Malam na Tudun Wada: Nan ne ɗalibai ke zamewa. Ba ta auna yadda aka tattala mai, awannin aiki take aunawa. Ko an zubar da jarka guda, a cikin 26,000 ɗin zai fito. Ki ce "tazarar saurin aiki".

Ɗan Samaru: Malam, ita kuma ta boliyum, wato ta yawan abin da aka ɗinka, ai asara ce kawai. Ƙafa 300 ba a yi ba.

Malam na Tudun Wada: Ka kama rabi. A tsayayyen an biya 620,000, tazarar kashe kuɗi 20,000, wannan kam ta fita daga aljihu. Amma awa 2,400 sau 200 sun ɗauki 480,000 kaɗai cikin 600,000. Ragowar 120,000 ba ƙarin kuɗi aka biya ba, mai shago hayarsa ɗaya ko an yi ɗinki ko an yi barci. Kayan da za su ɗauke ta ne ba su cika ba. Shi ya sa mai hawa da sauka ba shi da irin wannan tazarar.

Hajiya mai biredi: Ni watan da muka cika gasa biredi lissafi ya nuna rara, rabi kuwa ya kwana bai sayu ba.

Malam na Tudun Wada: Haka ne Hajiya, abin da aka yi take ƙirgawa, ba abin da aka sayar ba. Don haka na fi son "tazarar yawan kaya".

Ɗan Samaru: Ni dai tazara nisan hanya take tuna mini. "Saɓani" fa?

Hajiya mai biredi: Saɓani ai na miji da mata ne.

Ɗalibar Kongo: Zan gwada musu duka biyun ranar Asabar, in ga wadda ta zauna a bakinsu.