Layi biyu a allon shago, wanne zan sa a ƙarƙashin sunan?

Jama'a, ina neman shawararku. Shagon kilishi ne a Jidda, sunansa Zaƙi. Allon mita biyu ne, ba ya ɗaukar fiye da layi biyu in ana so a karanta daga mota. Bahaushe na ganin sunan ya san abinci ne, amma da haruffan Larabci زاكي yake fitowa, Balarabe sai ya ɗauka sunan mutum ne ko shagon alawa. Na sa "kilishin gida" a ƙasa, mutanenmu suka gane, sauran ba su san kilishi ba. Da na sa "busasshen nama mai yaji" da Larabci, sunan ya zama kamar ba shi da aiki. Shin in bar layi na biyun ga Larabawa kawai, ko in mayar da Kilishi ya zama sunan?