Kumburin fuska da ciwon kai ga mai ciki: ku kawo abin da kuka gani da idonku

Yayar Amarya, Pantami:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ce, cikin fari, wata takwas. Ranar Talata na leƙa ta na tarar idanunta sun shige ciki don kumburi, zoben hannunta ya nutse a yatsa, sai da sabulu muka zare shi. Surukarta ta ce ai cikin namiji ne, haka yake sa mace ta buɗe. Ita kuma kunyar ɗan fari ta hana ta faɗa wa kowa cewa kwana biyu ke nan kanta na sarawa, ta sha fanadol har sau uku bai sauka ba. Sai da na ja ta ɗaki ta ce min tana ganin wasu abubuwa kamar tartsatsin wuta suna gilmawa. Ban jira mijinta ya dawo daga kasuwa ba, a cikin Keke Napep na kira shi. Da aka auna jininta 170 bisa 115 ne, aka gwada fitsari, nan take aka ba ta gado. Har yanzu jikina rawa yake. Don Allah duk wadda ta taɓa ganin irin wannan ta ba mu labari, domin yawancinmu kumburin ƙafa kawai muka sani.

Maman Biyar, Bolari:
Allah Ya ba ta lafiya. Amma ni duk cikina biyar sai na kumbura, silifas ma ba ya shiga, kuma lafiya lau na haihu. Gishiri ne da zaƙi. A rage su, a daina shan lemon kwalba, zai saɓe.

Sista, ɗakin haihuwa, Gombe:
Maman Biyar, naki gaskiya ne a kan ƙafa. Ƙafar da ke kumbura da yamma bayan an wuni a tsaye, da safe a tashi ta saɓe, mata da yawa suna yin ta a ƙarshen ciki. Wanda Yaya ta kwatanta daban ne: fuska da hannu, ya zo cikin kwana ɗaya ko biyu, an tashi da shi tun asuba, ga ciwon kai da ba ya jin magani. Wannan hawan jinin masu ciki muke fara zargi, kuma rage gishiri ba ya warkar da shi, don tushensa daga mabiyiya ne. Yakan fara ne bayan sati 20. Mu a wajen awo daga 140 bisa 90 muke tsayawa mu duba fitsari, in ya kai 160 bisa 110 kuwa ba maganar komawa gida. Akwai alama ɗaya da ake yawan rainawa, ciwo a saman ciki ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama, wani lokaci da amai. Sai mace ta ce olsa ce ta taso, ta aika kemis. Alhali hanta ce ciwon ya fara taɓawa. Ciwon kai, gani dishi-dishi ko tartsatsi, da wannan ciwon, ko ɗaya aka gani daga cikinsu jijjiga tana iya zuwa a kowane lokaci. Ba a bari sai gari ya waye.

Wani Magidanci daga wajen Dukku:
Ku yi haƙuri na shigo maganar mata, amma ni ta same ni. Mai ɗakina ta fari shekararta 17. Da la'asar ta ce kanta, muka ce rana ce. Bayan isha ta faɗi tana taune harshe, idanu sun juye. Wallahi duk gidan ba wanda bai ce iska ba ne. Aka tura mata cokali a baki, aka kawo garwashi da turare, aka aika a kira malam. Sai da ta yi sau uku kafin wani maƙwabcinmu direba ya ce a sa ta a mota. Ita Allah Ya yi da sauran kwananta, yaron ne bai zo da rai ba. Abin da ke cin raina har yau, kwana huɗu kafin nan na ga fuskarta ta cika, har na yi mata tsiya cewa ta yi ƙiba.

Sista, ɗakin haihuwa, Gombe:
Allah Ya sa mai ceto ne, Malam. Tunda ka faɗa, bari in ce wani abu a kan lokacin jijjigar. Kada a sa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura ruwa ko rubutu, zai iya wucewa huhu. Hayaƙi kuma numfashin da take fama da shi yake ƙara toshewa. A kwantar da ita ta gefen hagu, a kawar da abin da zai ji mata ciwo, da ta lafa a ɗauke ta. Addu'a a yi ta a cikin mota. A asibiti akwai allurar maganiziyam da ke tsayar da jijjiga, ana yi ta jijiya da ɗuwawu biyu, a ci gaba har awa 24 bayan haihuwa, a haɗa da maganin sauke jini. Kuma in likita ya ce a ciro yaro ko da wata bai cika ba, kada a tsaya gardama, rabuwa da mabiyiyar shi ne maganin.

Ummu Khairat, Kumo:
Ni ma haka aka yi min tiyata a wata takwas. Ina kwance da dare na ji ɗumi, na haska fitila na ga jini ya jiƙa zani, kuma ko ciwon mara babu. Kakata ta ce a kira unguwarzoma ta duba ko haihuwa ce, mijina ya ƙi. A babban asibiti suka ce mabiyiya ce ta tare hanya, da an sa hannu da jinin ya ɓalle. Leda biyu aka ƙara min.

Sista, ɗakin haihuwa, Gombe:
Naki wata matsalar ce daban, Ummu, ba hawan jini ba, amma mijinki ya yi daidai. Jini ga mai tsohon ciki, kaɗan ne ko da yawa, da ciwo ko babu, asibitin da ke da ɗakin tiyata ake nufa, a tafi da 'yan uwan da za su iya ba da jini.

Maman Biyar, Bolari:
To na ji. Amma ai da zarar ta haihu shi ke nan ko?

Maman 'Yan Biyu, Jekadafari:
A'a wallahi Yaya. Ni nawa bayan haihuwa ya zo. Kwana uku da sallamo ni, ana ta hidimar wankan jego da 'yan barka, kaina kamar ana buga guduma. Kowa na cewa rashin barci ne, jarirai biyu. Ƙanwar mijina da ke karatun nas ta kawo abin awo, ta ga 165 bisa 110, ta ce a tashi. A asibiti na yi sunan yaran. Sun ce masu tagwaye da masu cikin fari sun fi haɗuwa da shi, kuma har sati shida bayan haihuwa ba a sakankance ba.

Amaryar Deba:
Ni tambayata, mijina direban babbar mota ne, sai ya yi sati biyu a hanya, waya ba kullum take shiga ba. Surukata kuma ba ta yarda a fita ba izininsa. In abin ya zo da tsakar dare ya zan yi?

Wani Magidanci daga wajen Dukku:
'Yar uwa, ki sa ya faɗa wa mahaifiyarsa da bakinsa tun yanzu, a gabanki, cewa ya ba da izini. Ya bar kuɗin mota, ya kuma yi magana da mai abin hawa a unguwa.

Amaryar Deba:
Na gwada sau ɗaya, cewa ya yi ina yi wa kaina mugun fata. Zan sake in ya dawo, ko in haɗa shi da yayana.

Yayar Amarya, Pantami:
Na gode 'yan uwa. Yanzu na fito daga wajenta. Jinin ya ƙi zama duk da magani, likita ya ce gobe da safe za a shiga da ita, mijin ya sa hannu. Sun ce yaron zai iya kwana biyu a kwalba. A sa mu a addu'a.