Hoton ma'aunin zafin jiki ya nuna ɗari da wani abu: wa ya taɓa cin karo da irinsa?

Maman Tagwaye, Bukoki: Salamu alaikum ƴan uwa. Ƙanwata ce ta turo mini hoto daga Talaje, jikin ɗanta mai shekara 4 ya yi zafi. Ma'aunin na kwalba ne, irin na da, wanda surukarta ta ba ta. Lambobin jikinsa 96, 98, 100, sai kuma 2, 4, 6, 8. Layin zaibar ya wuce 100, ya wuce dogon zane guda da ba a rubuta masa lamba ba, ya ƙara ƙananan zane uku. Mu da muka saba jin 37 da 38 a likita, wannan nawa ke nan? Duk wanda ya taɓa fama da irinsa ya faɗa mana yadda ya yi.

Baban Yara, Lazare: Hajiya ai ma'aunin ya lalace. Ɗari fa ruwa ke tafasa. Na taɓa sayen ɗaya a Wadata, ya nuna 99, a ranar na mayar wa mai shi.

Majo mai ritaya, Yantala: Alhaji, ka mayar wa bawan Allah kayansa lafiya lau. Awo iri biyu ne. Namu na nan Nijar Selsiyos ne, mai harafin C, kuma kwalbarsa kan tashi daga 35 ta tsaya 42. Wancan Faranhait ne, mai F, shi Amurka ke aiki da shi har yau, kwalbarsa daga wajen 94 zuwa 108. Da ka ga lamba ta haura 90 ka san F ne, ko harafin bai fito a hoto ba. Su 2, 4, 6 ɗin nan kuwa 102, 104, 106 ne, wuri ne ya yi wa masu rubutun kaɗan. Dogon zanen da ba shi da lamba tsakanin 100 da 2, shi ne 101.

Ɗalibin jami'a, Harobanda: To shi ke nan, 101.3 ne Baba. Na cire 32, saura 69.3, na ninka da 5 na raba da 9. Ya ba ni 38.5 cif.

Majo mai ritaya: Lissafinka daidai ne yaro, karatun zanen ne da saura. A kwalbar C ƙananan gidaje goma ne tsakanin dogon zane da na gaba, kowane 0.1. A ta F galibi gidaje biyar ne kawai, don haka kowane ɗaya 0.2 ne. Zane uku bayan 101 ya zama 101.6. Cire 32, saura 69.6. Sau 5, 348. Raba da 9, ka samu 38.7 idan an cike. A nan bambancin bai kai ya kawo ba, amma mai zane huɗu bayan 100 da ya karanta 100.4 alhali 100.8 ne, haka zai yi ta rage wa yaro zazzaɓi a takarda. Ɗiyata, ki buɗa hoton da yatsu biyu ki ƙirga gidajen tsakanin dogayen zane biyu kafin ki yarda da ni.

Maman Tagwaye: Na ƙirga Baba, biyar ne.

Direba, hanyar Dosso: Ni wani fasinja ya koya mini ta gajeren zango: a cire 30 a raba biyu. Da ita nake gane zafin gari a waya.

Malamar lissafi, Kwara Kano: Don Allah Malam ka bar wannan wa zafin gari. Gwada ta a nan: 101.6 a cire 30, saura 71.6, rabinsa 35.8. Yaro yana 38.7, kai ka ce wa uwarsa jikinsa ma ya yi sanyi! Dabarar tana kusan daidai ne a wajen 50 na F, tana nisa da gaskiya yayin da lamba ke hawa, kuma a zafin jikin mutum kuskurenta ya kusa maki 3.

Ni abin da nake yi, tunda yayata da ke Amurka kullum da F take ba ni labarin jikanta, na riƙe lambobi huɗu a ka: 98.6 shi ne 37, 100.4 shi ne 38, 102.2 shi ne 39, 104 shi ne 40. Kowane maki ɗaya na C yana cin 1.8 na F. Sai in duba wace lamba ce kusa. 101.6 ya ɗara 100.4 da 1.2, wato kashi biyu cikin uku na 1.8, ga 38.7 ba tare da biro ba. In kuma ni zan aika mata namu, sai in ninka da 9, in raba da 5, in ƙara 32 a ƙarshe.

Inna, Gamkalle: Ni dai tawa matsalar hoton ce. Ɗana ya turo mini na matarsa, ya kunna fitilar waya, kwalbar ta yi fari fat, zaibar ba ta fito ba sam. Na ce ya sake, ya ɗauko a karkace, bakin layin ya faɗa kan wani zane daban. Sai da ya fita tsakar gida inuwa, ya aza ta kan farin ƙyalle, ya riƙa murza ta a hankali har siririn layin ya yi faɗi kamar zaren azurfa, sannan ya ɗauka daga sama kai tsaye. Kuma ku ce musu hoton ya haɗa da lamba biyu, ta gaba da ta baya. Wani sai ya matso da waya har ba ka ganin komai sai zane.

Majo mai ritaya: Inna ta yi gaskiya. Abin da hoto ba ya nunawa kuma shi ne ko an yarfe kwalbar kafin a sa. Akwai ɗan matsi kusa da kanta da ke hana zaiba komawa da kanta, shi ya sa ake samun lokacin ɗaukar hoto. To in ba a yarfe ta ƙasa da 35 ba, ko 95 a ta F, awon jiya kake karantawa. Na ga wadda aka bari cikin mota a watan Afrilu, zaiba ta kai ƙarshe, uwa ta zo mini tana kuka wai 42.

Mai ɗinki, Banizumbu: Nawa na batir ne. Yara sun yi wasa da shi, ya koma nuna 99.1. Wani a farmasi ya nuna mini ɗan ƙaramin `°F` a kusurwa, ya danne maɓallin ya riƙe har ya koma `°C`. Da an kunna shi kuma yakan fara nuna awon da ya wuce, sannan `Lo`. Maigidana ya taɓa turo mini hoton wancan na farkon.

Ɗalibin jami'a: Baba, a hamata aka auna ko? An ce ana ƙara 0.5. Kenan 39.2?

Malamar lissafi: In dai za a ƙara, a ƙara bayan an mayar C. Rabin makin C kusan maki guda ne a F, 0.9, ba 0.5 ba.

Majo mai ritaya: Ni ba na son a ƙara a gida. A faɗi lambar yadda take, a ce a hamata aka auna, don kada lokotoro ya sake ƙarawa a kai. A hamata 37.5 ma zazzaɓi muke lissafa shi. Yaron nan a kai shi likitar unguwa yau a yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro, ba sai an jira ya kai 39 ba. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa, da ya taɓa 38 a tafi ko da tsakar dare.

Inna: Oho, mu dai a haihuwata ta fari ungozomar likita ce da kanta ta ce mu ƙara rabin a gida. Su waye suka canza?

Maman Tagwaye: Na tambaye ta, a hamata ne, amma ta ce minti ɗaya kawai ya bari aka riƙe masa hannu.

Majo mai ritaya: Kwalba a hamata tana son minti 5. Wataƙila ya fi 38.7 ke nan. Ta ɗauke shi su tafi, can za su sake aunawa.