Neman kalmar Hausa: rubutun da ke bin magana, murya da saukewa a manhajar kallo

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Manhajar kallon da ke wayar mahaifiyata da Faransanci take, ina so in rubuta mata bayani da Hausa a kan "Sous-titres", "Audio" da "Téléchargements". Shin "fassara" ta isa a matsayin sunan na farko?

Malamin makaranta daga Maraɗi: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ina ganin "fassara" za ta rikita Hajiya, domin idan aka ce fim na da fassara, abin da mutanenmu suke fahimta shi ne an ɗora masa muryar Hausa, kamar yadda ake yi wa finafinan Indiya. Ga shi kuma rubutun ba kullum yake fassara ba, tunda ana iya kallon fim na Faransanci da rubutun Faransanci. Shawarata a ce "rubutun magana", na biyu kuma "harshen murya". Ka gaya mata cewa ba a babban shafi ake neman su ba: sai fim ya fara tafiya, ta taɓa fuskar wayar, sannan alama mai kama da akwatin zance ta bayyana. A ciki, jeri ɗaya na murya ne, ɗaya na rubutu, kuma "Désactivé" na nufin an kashe rubutun.

Wata mai ɗinki: Malam, mu "rubutun ƙasa" muke cewa, kuma kowa yana ganewa. Na ukun ai "saukewa" ne, fim ya shiga wayarka ka tura wa wanda ka so.

Malamin makaranta: "Saukewa" daidai ne, Malama, alamarta kuma kibiya ce mai kallon ƙasa, amma batun turawa ba haka yake ba. A manhajojin da ake biyan kuɗi, fim ɗin yana zama a kulle cikin manhajar, ba ya fitowa a ma'ajiyar hotuna, wani ma wa'adinsa yana ƙarewa. Saboda haka na fi son "ajiyar kallo" ga wurin da ake samun abin da aka sauke. "Rubutun ƙasa" kuwa, damuwata ita ce yakan koma sama idan zai rufe wani rubutu.

Wani ɗalibi: Ni na sauke fim a wata manhaja, da na kashe data sai na tarar harshen da nake so ba ya cikin jerin.

Malamin makaranta: Hakan na faruwa ne saboda abin da aka sauke ba ya ɗauke da dukkan harsuna. Ka goge shi, ka kunna data, ka zaɓi murya da rubutu tukuna, sannan ka sake saukewa. Idan saukewar ta ƙi farawa, ka duba ko an kunna "Wi-Fi uniquement".

Mai tambaya: Na gode, Malam. Na ɗauki "harshen murya" da "saukewa". A kan rubutun kuwa, zan karanta wa Hajiya duka biyun in ji wanda ya fi zauna mata.